Sunana Bai Fito Ba: Yadda Ake Tambayar Hukuma Sakamakon Jarrabawar Ɗaukar Aiki

A ƙarshen watan Disamba na 2024 Hukumar Kwastam ta Najeriya ta sanar da cewa za ta ɗauki sababbin ma'aikata 3,927. Cikin kusan mako guda da aka bayar na cike fom, mutum sama da 573,000 suka nema. In aka raba, kowane gurbi ɗaya mutum wajen 146 ne ke zawarcinsa. A 2025 kuma hukumar CDCFIB, wadda ke ɗaukar wa Shige da Fice da Gidajen Gyaran Hali da 'Yan Kwana-kwana da Sibil Difens ma'aikata, ta karɓi fom daga mutum kusan miliyan biyu, alhali guraben dubu talatin ne da 'yan kai.

Waɗannan mutane duka, da zarar sun tashi daga gaban kwamfutar jarrabawa, sai su shiga jira. Mako ya wuce, wata ya wuce. Uwa ta tambaya ko an ji wani labari, uba ya yi shiru amma idonsa na tambaya. Rannan sai a ji ƙishin-ƙishin wai sunaye sun fito, wani ɗan unguwa ma har ya buga takardar gayyatarsa. Mai jira ya duba nasa bai ga komai ba. A nan ne hankali ke tashi, a nan ne kuma mutane da yawa ke yin abin da zai ɓata musu lamarin: ko dai su yi gum don kunya har lokaci ya ƙure, ko su aika saƙon roƙo mai tsawo da ba wanda zai karanta, ko su faɗa hannun wanda zai ce a kawo kuɗi ya duba musu.

Mai neman aiki yana da haƙƙin ya tambaya. Aikin na gwamnati ne, kuɗin da aka shirya jarrabawar da su na jama'a ne. Amma jami'in da saƙon zai faɗa hannunsa yana da ɗaruruwan irinsa a gabansa, kuma akwai abin da yake da ikon faɗa, akwai wanda ba shi da shi. Don haka a ganina ladabin wannan tambaya ya wuce gaisuwa da zaƙin baki. Babban ladabin shi ne ka tsara tambayarka yadda wanda ka tambaya zai iya amsa ta cikin minti biyu, ba tare da ya taka doka ko ya ji kamar kana neman ya yi maka alfarma ba.

Wane jerin sunaye kake jira?

Kafin ka buɗe baki, ka san matakin da aka kai. Mutane kan ce "sunaye sun fito" kamar sau ɗaya suke fitowa, alhali a yawancin ɗaukar aikin tarayya sau uku ake tace mutane.

Tacewar farko ana yin ta tun kafin jarrabawa, kuma yawanci na'ura ce ke yi. Tana duba shekaru, da takardar karatu, da lambar NIN, ta fitar da duk wanda bai dace da sharuɗɗan sanarwar ba. A ɗaukar CDCFIB ta 2025, alal misali, an ce shekarun mai nema su kasance tsakanin 18 da 35, tsayin namiji kada ya gaza mita 1.65, na mace 1.60. Wanda ranar haihuwar da ke jikin NIN ɗinsa ta nuna ya haura 35 zai iya faɗuwa tun a nan, ba tare da wani ɗan Adam ya ga fom ɗinsa ba. Tacewa ta biyu tana zuwa bayan jarrabawar kwamfuta, wadda ake kira CBT: waɗanda suka haye ne ake gayyata zuwa tantance takardu, da gwajin lafiya, da intabiyu. Ta uku ita ce jerin ƙarshe, na waɗanda za a ba takardar kama aiki.

Tsakanin ta biyu da ta uku akwai wani abu da masu nema da yawa ba su sani ba, kuma rashin saninsa kan sa su rubuta wasiƙar zargi. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya wajabta a raba muƙaman tarayya yadda kowane yanki zai samu wakilci, kuma Hukumar Raba Daidai ce ke sa ido a kan haka. Ƙa'idarta ta gama-gari ita ce 'yan asalin kowace jiha kada su gaza kashi biyu da rabi cikin ɗari na ma'aikatan hukuma, kada kuma su haura kashi uku. A hukumar da ke da ma'aikata dubu, kason jiha ɗaya ke nan tsakanin mutum 25 zuwa 30. Jihar da ta riga ta cika kasonta za ta iya samun gurabe kaɗan a sabuwar ɗauka. Saboda haka kai da 'yan jiharku kuke takara, ba da ƙasa baki ɗaya ba. Abokinka na wata jiha zai iya samun maki ƙasa da naka a gayyace shi, kai a bar ka, kuma ba lallai an yi maguɗi ba. Ban ce ba a yin maguɗi ba. Ana yi, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a 2023. Amma wanda ya fara wasiƙarsa da cewa an zalunce shi tun bai san maki nawa aka yanke wa jiharsa ba, ya rufe ƙofar amsa da hannunsa.

Wa ake tambaya, kuma yaushe?

Hukumar da ta fitar da sanarwar ita ake tambaya, ba wadda za ka yi aiki a cikinta ba. Wanda ya nemi Shige da Fice ya je ofishinsu na jiha yana tambayar sakamako, da wuya ya samu wani abu, don jerin yana hannun CDCFIB a Abuja. Ma'aikatun tarayya, daga mataki na bakwai zuwa sama, Hukumar Ma'aikata ta Tarayya ce ke ɗaukar musu. A jiha akwai hukumar ma'aikata ta jiha, ƙananan hukumomi ma suna da tasu. Ka koma wa asalin sanarwar ka ga sunan wa ke ƙasanta, da adireshi ko lambar waya ko imel ɗin da aka ce a tuntuɓa. Cibiyar da aka rubuta jarrabawar a cikinta ɗaki da kwamfutoci kawai ta bayar, masu ita ba su san makin kowa ba.

Batun lokaci kuwa, gefe biyu yake da shi. In hukuma ba ta fitar da komai ba, kowa na jira, to tambayar mutum ɗaya ba za ta fito da sakamako ba. Sai dai in ranar da ita kanta ta yi alkawari ta wuce, nan za ka iya bari a yi mako biyu sannan ka tambayi ko an sa sabuwar rana. Amma in an riga an fitar da jeri, an sa ranar tantancewa, kai kuma shafinka bai nuna an ɗauke ka ba bai nuna an bar ka ba, to babu zancen jira. A ranar ko washegari za ka tambaya, domin tantancewa kwanaki ƙalilan ake ware wa kowace jiha, in sun wuce gyara ya yi wuya.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce wata matashiya ce 'yar Gumel, mai digiri a fannin akanta, ta nemi aiki a mataki na takwas a wata hukumar tarayya. Ta rubuta jarrabawa a Dutse. Bayan mako shida hukumar ta sanar ranar Litinin cewa ta aika wa waɗanda suka haye gayyata ta imel, kuma 'yan Jigawa za a tantance su Litinin mai zuwa. Ƙawayenta biyu sun samu. Ita ba ta ga komai ba.

Abin da za ta fara yi shi ne ta binciki ɓangarenta. Ta ɗauko silif ɗin da ta buga ranar da ta cike fom, ta shiga shafin hukumar da kanta, wanda adireshinsa ke ƙarewa da `.gov.ng`, ta sa lambarta. Ta duba akwatin `Spam` na imel ɗinta, don saƙon da aka tura wa dubban mutane lokaci ɗaya sau da yawa can yake faɗawa. Sannan ta karanta silif ɗin layi-layi. A nan ne mutane da yawa ke gano bakin zaren. Waɗanda aka cike wa fom a kafe, sau tari mai shagon kan sa nasa imel ko lambar wayarsa don ya yi sauri, ko ya buɗe wa mutum sabon imel a take wanda ba za a sake tuna mabuɗinsa ba. Wani kuma sunan da ke NIN ɗinsa ya saɓa da na takardar makaranta, nan Muhammad can Mohammed, ko an juya sunan uba ya koma farko. Ita matashiyarmu sai ta ga imel ɗin da ke silif ɗinta akwai harafi ɗaya da aka tsallake. Ko an gayyace ta, saƙon ba zai taɓa iso ta ba.

Yanzu tambayarta ta zama ƙarama, mai iyaka, wadda akawu zai iya dubawa a kwamfuta. Wasiƙar hukumar tarayya da Turanci ake rubuta ta, amma ba a bukatar Turanci mai nauyi, kuma wanda bai saba ba zai iya tsara ta da Hausa ya samu wani ya juya masa. A sama za ta sa adireshinta da kwanan wata. Za ta aika wa muƙami, wato Shugaban Hukuma ko Sakataren Hukuma kamar yadda sanarwar ta nuna, ba sunan wani mutum ba, domin mutum kan tafi hutu ko a sauya masa wurin aiki, wasiƙar da ke ɗauke da sunansa ta kwanta tana jiransa. Kan magana kuwa layi ɗaya: neman bayani kan matsayin fom mai lamba kaza. Ga ma'anar abin da za ta rubuta:

> Ranka ya daɗe,
>
> Ina cikin waɗanda suka nemi aikin akanta, mataki na takwas, a ɗaukar ma'aikata ta bana. Lambar fom ɗina kaza ce, jihata Jigawa, ƙaramar hukumar Gumel. Na rubuta jarrabawar kwamfuta ranar kaza a cibiya kaza da ke Dutse.
>
> Na ga sanarwar hukuma ta ranar Litinin cewa an aika gayyata ta imel. Da na duba silif ɗina sai na lura akwai kuskuren harafi ɗaya a adireshin imel ɗin da aka shigar, don haka saƙo ba zai same ni ba. Daidai adireshin shi ne wanda na rubuta a ƙasa.
>
> Ina roƙon a taimaka a sanar da ni ko ina cikin waɗanda aka gayyata, kafin tantancewar Jigawa ta Litinin mai zuwa. Na haɗa da kwafin silif ɗin fom da na jarrabawa.
>
> Na gode da lokacin da aka ba ni.

Sai cikakken sunanta kamar yadda yake a fom, da sa hannu, da lambar waya.

Dubi abin da wasiƙar ta ƙunsa. Duk abin da jami'i ke bukata don ya nemo ta yana cikin layukan farko, ba sai ya bugo ya tambaye ta lamba ba. Ta nuna ta karanta sanarwar, don haka ba za a sallame ta da "je ki duba shafinmu" ba. Ta faɗi matsalar ba tare da ta ɗora wa kowa laifi ba. Tambayarta ɗaya ce, amsarta e ko a'a. Kuma ta ambaci ranar da lamarin zai ƙure ba tare da ta gindaya wa hukuma wa'adi ba.

Abin da ta bari a waje ma yana da muhimmanci, kuma nan ne tarbiyyarmu kan so ta ja mu wani wajen. Mun taso a kan cewa in za ka nemi abu wurin babba sai ka yi doguwar gaisuwa, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, ka bayyana halin da kake ciki, ka haɗa shi da girman Allah. A zaure wannan shi ne mutunci, kuma ban ga abin da zai sa mu bar shi ba. Amma a wasiƙar da za ta shiga fayil, kowane ɗaya daga cikinsu yana juya tambaya ta koma roƙon alfarma. In ta rubuta cewa marainiya ce, ita ke riƙe da ƙannenta, ta yi shekara huɗu ba aiki, duk da gaskiya ne kuma abin tausayi ne, jami'in ba shi da gurbin da zai sa wannan a ciki. In ta ce Alhaji wane ne ya turo ta, to ta sa shi a tsaka mai wuya, domin ko amsa mai tsabta ya ba ta, wanda ya buɗe fayil ɗin gobe zai ga kamar an yi wata ƙumbiya-ƙumbiya. Jami'i mai gaskiya zai gwammace ya yi shiru. Haka kuma ba ta tura duk takardunta na makaranta ba, ba ta rubuta BVN ko mabuɗin shafinta ba, don ba a bukatar su wajen duba suna.

Za ta tura wasiƙar ta imel ɗin da hukumar ta bayar, daga adireshinta na gaskiya, da lambar fom a kan saƙon. Sau ɗaya za ta tura. Wanda ya tura saƙo iri ɗaya sau goma a yini, gundura kawai yake jawowa. Da yake kwanaki shida suka rage, yana da kyau a kai takardar hannu da hannu ma, ko ita ko wani ɗan'uwa da ke Abuja. Kwafi biyu ake bugawa. Ba ofishin darakta ake nufa ba, rajista ake nema, inda ake karɓar wasiƙu a shigar da su littafi. Maganar da za a yi a wurin ba ta da yawa:

"Salamu alaikum. Ina kwana, Malam? Ya aiki?"

"Lafiya lau, Hajiya. Me ke tafe da ke?"

"Wasiƙa na kawo wa Sakatare, a kan ɗaukar ma'aikata. Don Allah a buga mini hatimi a wannan kwafin."

"Ai an ce kowa ya duba a shafi."

"Haka ne, ranka ya daɗe, na duba. Kuskure ne a imel ɗina, shi na rubuto a kai. Wane ofishi za ta je, kuma yaushe ya kamata in sake tuntuɓa?"

Wannan kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa, a adana shi da kyau. Shi ne shaidar cewa ta yi magana kafin ranar tantancewa, kuma duk wani mataki na gaba a kansa zai tsaya. Akawun rajista da masinja ba su ke yanke hukunci ba, amma su suka san teburin da takarda take, kuma sun fi kowa shan tsawa daga masu nema da ransu ya ɓaci. Wanda ya gaishe su da mutunci kan ga bambanci.

Amsar da za ta biyo baya ba ta wuce iri uku. Za a iya cewa tana ciki, ga takardar gayyatarta, ko ta je wurin tantancewa da silif ɗinta da katin NIN a duba sunanta a jerin da ke hannun jami'ai. Za a iya cewa rukuni-rukuni ake fitarwa, nata bai zo ba. A nan sai ta tambayi inda za a sanar da rukuni na gaba, ta tsaya a haka. Ko kuma a ce ba ta haye ba. In haka ne, babu laifi ta yi godiya ta ƙara tambaya ɗaya: a wane mataki ta tsaya, a maki ne ko a takardu? Amsar tana da amfani, domin in saɓanin suna ne ko ranar haihuwa, sai ta je ofishin NIMC ta gyara tun kafin wata ɗaukar ta zo, in ba haka ba a wuri ɗaya za ta riƙa faɗuwa ba ta san dalili ba.

Kawun da ke ciki, da baƙon da ya bugo waya

Kusan kowa yana da wani nasa a ma'aikata, kuma ba aibu ba ne a tambaye shi. Abin lura shi ne me za a tambaya. "Kawu, don Allah wane ofishi ne ke kula da wannan, kuma ta yaya ake kai musu takarda?" tambaya ce da zai amsa da farin ciki. "Kawu, a duba mini ko ina ciki, in ba na ciki a san yadda za a yi" kuwa nauyi ne aka ɗora masa. Ma'aikacin gwamnati ba shi da izinin fitar da abin da ke fayil kafin a sanar, kuma zai iya rasa aikinsa a kan haka. Sau da yawa ma ba sashensa ba ne, amma kunya ta hana shi cewa ba zai iya ba, sai ya ce "za mu gani". Mai nema ya kwanta a kan wannan kalma, ya ƙi rubuta wasiƙa, har ranar tantancewa ta wuce, zumunci kuma ya yi tsami a banza.

Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ka nema ba shi ya nemo ka. Lokacin jiran sakamako kakar 'yan damfara ce. Suna tsintar lambobin waya daga wuraren da masu nema ke zuba tambayoyinsu a bainar jama'a, wasu har da hoton silif ɗinsu. Sai a bugo maka, a kira cikakken sunanka da lambar fom ɗinka, a ce sunanka na cikin jerin ko-ta-kwana, in ka turo kaza za a matsar da kai. Alamominsu ba sa ɓuya: asusun da za a tura kuɗin na mutum ne, imel ɗin ba na `.gov.ng` ba ne, ana matsa maka ka biya kafin dare, ana neman lambar sirrin da aka turo wa wayarka. Hukumomin nan da kansu suna maimaitawa a sanarwarsu cewa ɗaukar aiki kyauta ce. Mutane ba su manta da 15 ga Maris na 2014 ba, ranar da aka tara masu neman aikin Shige da Fice a filayen wasa bayan kowannensu ya biya naira dubu, aka yi turmutsutsu a Abuja da wasu garuruwa, mutum fiye da goma sha biyar suka rasu. A san kuma cewa a dokar ICPC ta 2000 mai ba da cin hanci ma mai laifi ne, ba mai karɓa kaɗai ba.

In aka yi shiru

Shiru shi ne amsar da aka fi samu, kuma yawancin sanarwa tun farko sukan ce waɗanda suka haye kaɗai za a tuntuɓa. Idan ba gaggawa, a bari a yi mako biyu, sannan a aika tuni mai layi uku da ke ambaton kwanan watan wasiƙar farko, a haɗa da kwafinta mai hatimi. Muryar kada ta sauya, ko da zuciya ta sauya. Ma'aikatu da hukumomin tarayya da yawa suna da teburin SERVICOM, wanda aka kafa a 2004 don sauraron koken rashin kulawa, kuma kai musu kwafi kan motsa takardar da ta kwanta.

Bayan wannan akwai hanyar doka, wadda ita ma cikin ladabi ake bin ta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar tana da kwana bakwai ta bayar ko ta faɗi a rubuce dalilin hanawa, kuma a wasu halaye za ta iya ƙara wasu kwana bakwai. In wa'adin ya wuce ba ta ce komai ba, doka ta ɗauka ta hana ke nan, mai nema kuma yana da kwana talatin ya kai maganar kotu. Wasiƙar irin ta farko ce, sai dai a kan maganarta a rubuta cewa a ƙarƙashin wannan doka ake nema.

Amma a san iyakarta, don kada a nemi abin da za a hana cikin sauƙi. Sashe na 19 ya ba hukuma damar ƙin fitar da tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu da sauran bayanan jarrabawar da ake auna masu neman aiki da su. Sashe na 14 kuma ya kare bayanan da suka shafi wasu mutane, har da masu neman aiki, don haka ba za a ba ka makin abokinka ba. Abin da ya fi yiwuwa a samu shi ne bayanin tsari: guraben nawa ne, nawa aka ware wa jiharku, waɗanne sharuɗɗa aka bi wajen tacewa, mutum nawa aka gayyata. Za ka iya neman makinka da makin da aka yanke, sai dai ka sa a ranka cewa hukumar za ta iya fakewa da sashe na 19. Kuma dokar bayani take bayarwa, ba ta tilasta wa kowa ya ɗauke ka aiki.

Idan bayanin da ka samu ya nuna an saɓa wa ƙa'idar da aka sanar, misali ka cika sharuɗɗa, an tabbatar ka haye, amma aka ƙi tantance ka ba dalili, to sai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975. Tana da ofishi a kowace jiha, ba a biyan ko sisi, ba a bukatar lauya. Koken da ya shafi kason jiha kuwa Hukumar Raba Daidai ake kai wa. Ita hukumar koke-koken tana da sharuɗɗa biyu da ya kamata a sani tun da wuri: za ta so ta ga ka fara bin hanyoyin da ita hukumar da kake kuka da ita ta tanada, wato waɗannan wasiƙu masu hatimi, kuma ba ta karɓar koken da aka kawo bayan wata goma sha biyu da faruwar abin.